"Alamu sun nuna": wace alamar, kuma wa ta nuna wa?

Kwanakin nan da wuya ka saurari shirin siyasa a rediyo na minti goma ba ka ji an ce "alamu sun nuna" ba. Gwamna ya kama hannun wani kwamishina a wajen ɗaurin aure, alamu sun nuna shi ne magaji. Shugaban jam'iyya bai amsa gaisuwar wani sanata da fara'a ba, alamu sun nuna an raba gari. Maganar ta sauko har majalisar samari: ta kalli sitatus ɗina a WhatsApp minti biyu da ɗorawa, ai alama ce. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake faɗin kalmar kamar hujja ce da ta kashe bakin kowa, alhali sau da yawa mai maganar burinsa kawai yake faɗa mana.

Kalmar alama daga Larabci muka aro ta, kuma tushenta ɗaya da ilimi da malami. Wato abin da ake sanin wani abu da shi. Idan haka ne, kafin abu ya ci sunan alama dole ya iya raba maka hali biyu: ya bayyana idan abin da kake zato gaskiya ne, ya kuma yi ƙarancin bayyana idan ba gaskiya ba ne. Hadarin gabas alamar ruwa ne domin ranakun da ya haɗo sun fi samun ruwa a kan ranakun da gari ya waye tas. Da a ce kullum sai ya haɗo, rani da damina, da babu manomin da zai ɗaga kai ya dube shi. Duk abin da zai faru ko ana son ka ko ba a son ka, to bai gaya maka komai ba, ko da ya faranta maka rai.

Mu tuna 2022. Kafin zaɓen fid da gwani na APC, kusan duk wani motsin Shugaba Buhari sai da aka yi masa fassara, musamman bayan ya faɗa a wata hirar talabijin cewa ba zai bayyana wanda yake so ya gaje shi ba. Da aka naɗa Rotimi Amaechi sarautar Ɗan Amanar Daura a watan Fabrairu, masu sharhi da yawa suka ce ai magana ta ƙare, mahaifar shugaban ƙasa ta nuna ɗanta. Ba su tsaya sun tambayi ko akwai wani dalilin da ya isa ya bayyana naɗin ba, ga shi kuwa a fili: shi ne ministan sufurin da aka kai wa Daura jami'ar sufuri a zamaninsa. Magoya bayan Osinbajo na da tasu alamar, shekara bakwai yana mataimaki. Ana gab da taro shugaban jam'iyya Abdullahi Adamu ya ambaci Ahmad Lawan a matsayin ɗan takarar maslaha, nan ma aka ce daga sama ne. Fom ɗin takara naira miliyan 100 ne, kuma mutum fiye da ashirin suka saya. Da aka ƙirga ƙuri'a a dandalin Eagle Square a watan Yuni, Tinubu ya samu 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235, Lawan 152. Shugaba ɗaya ne, fuska ɗaya, amma kowane sansani ya karanto sunan gwaninsa a jikinta.

Wannan ba wauta ba ce, don masu wayo ma sun fi iya ta. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Peter Ditto da David Lopez, sun wallafa wani gwaji a 1992 da ya nuna inda matsalar take. Sun ba ɗalibai wata 'yar takarda mai launin rawaya su shafa mata yawu, wai tana gano wata larura da za ta iya taɓa lafiyar mutum nan gaba. Larurar ƙirƙirarriya ce, takardar kuma ba ta sauya launi ko me aka shafa mata. Waɗanda aka gaya wa cewa rashin sauyawar launi na nufin suna da larurar sun fi daɗewa suna zuba wa takardar ido, kuma sun fi sake shafa yawun su gwada. Waɗanda aka gaya wa cewa rashin sauyawar na nufin lafiya lau suke, ba su ɓata lokaci ba suka karɓa. Ka ga ba ƙarya muke yi wa kanmu kai tsaye ba. Labarin da muke so muna buɗe masa ƙofa ba tambaya, wanda ba ma so kuma sai ya kawo shaidu. Budurwa ta yi murmushi, an karɓa nan take. Ba ta ɗaga waya sau uku ba, sai uzuri ya fara fitowa daga bakinka kai da ba a tambaya ba: wataƙila caji ne, wataƙila tana kusa da Baba. Hausawa sun daɗe da yi wa wannan zama suna, tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka.

A wajenmu akwai ƙarin wahala guda. An tarbiyyantar da mu a kan cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Yarinya mai tarbiyya za ta gaishe ka, ta kawo maka ruwa, ta tambayi mutanen gida, ko da a ranta ba ta ƙi ka tashi ka tafi ba. Babban mutum ba zai ce maka "babu" ba, sai dai "za mu duba, in sha Allahu". Saboda haka fara'a a ƙasar Hausa tana da araha ƙwarai a matsayin shaida, don kowa na samu. Ni a ganina masu cewa labarin zuciya a tambayi fuska sun manta da cewa fuskar ma an koya mata kunya.

To yaya mutum zai bi diddigin abin ba tare da zuciyarsa ta yi masa maguɗi ba? Littafin rubutu na 'yan makaranta da biro sun isa. Bari mu ɗauki misali. A ce saurayi ne mai shagon cajin waya da sayar da kati, akwai wata budurwa da ke zuwa shagon, shi kuma ya gama yanke wa kansa cewa tana ba shi fuska.

Abu na farko, tun kafin ya rubuta komai game da ita, ya rubuta a shafin farko abin da zai ɗauka a matsayin e da abin da zai ɗauka a matsayin a'a, ya sa kwanan wata, ya kuma yanka wa'adi, a ce mako huɗu. Misali: idan na nemi izinin zuwa zance ta ba ni rana, ko ta ce ranar ba ta yi ba amma ta kawo wata da kanta, wannan e ne. Idan na nema sau uku ana ba ni uzuri ba a ba ni wata rana ba, wannan a'a ne. Amfanin rubutawa tun farko shi ne, bayan abu ya faru zuciya kan matsar da ma'aunin ta yadda duk abin da aka samu zai zama nasara.

Sannan duk ranar da suka haɗu ko suka yi waya, a daren nan ya rubuta layi ɗaya. Duk ranar, ba ranar daɗi kaɗai ba. Ya rubuta abin da ido ya gani ko kunne ya ji, ban da fassara. "Ta ce sannu da aiki, ta biya, ta tafi" rubutu ne mai kyau. "Ta kalle ni da wani irin kallo" ba ya shiga littafi. A gefen kowane layi ya amsa tambaya biyu: wa ya fara, kuma tana yi wa wasu haka? Ta biyun ce ke da ciwo, ita ce kuma mai amfani, domin sai ya lura da yadda take gaisawa da mai kanti na kusa da shi.

A ce wata ya cika, ya buɗe littafi ya tarar da layi 14. A 12 shi ya fara magana. Ta yi fara'a a 11, amma duk lokacin da ya lura, irin fara'ar da take yi wa maƙwabcinsa ce, har da yaron da ke miƙa mata canji. Sau biyu ta fara turo saƙo: ɗaya barka da Juma'a ne mai alamar an tura wa mutane da yawa, ɗayan tambaya ce ko shago na buɗe. Ya nemi zuwa zance sau uku, an ce ana biki, an ce ba ta jin daɗi, an ce sai ta yi shawara, ba a taɓa ba shi wata rana ba. Da ba don littafin ba, abin da zai riƙe a kansa shi ne saƙon Juma'ar nan da ya karanta ya fi sau goma, uzurin uku kuwa da tuni sun narke sun zama "ai tana da kunya".

Kunyar ma gaskiya ce, kuma nan ne iyakar wannan dabara. Budurwa da yawa ba za su taɓa fara kira ba ko da suna so, don haka lissafin wa ya fara ba ya da nauyi a nan kamar yadda zai yi tsakanin abokai ko abokan kasuwanci. Abin da ke da nauyi shi ne abin da ke da tsada ga mai yin sa: ta fito zance ta zauna, ta haɗa ka da yayarta, ta ce ka turo magabata. Haka a wajen neman aiki: "za mu duba" kyauta ne, amma Alhaji ya ɗaga waya a gabanka ya kira wani ya ambaci sunanka, wannan ya kashe wani abu daga mutuncinsa. Mai kunya na iya ƙin farawa, amma idan aka buɗe mata ƙofa sau uku tana so, da wuya ta rufe duka ukun ba ta bar ko 'yar kafa ba.

Ana gane littafin ya lalace idan aka ga shafukan sun cika da "ina jin" da "kamar dai", ko aka ga an tsallake kwanaki, galibi kwanakin da ba su yi daɗi ba, ko wa'adin mako huɗu ya zama shida ya zama goma. Haka kuma littafin na abin da ya faru tsakaninku ne kawai. Da zarar ka fara rubuta ƙarfe nawa ta hau WhatsApp da wanda ta tsaya da shi a bakin titi, ka bar neman gaskiya ka koma leƙen asiri. Mai yawan fargaba ma yana buƙatarsa ta ɗaya gefen, wanda jinkirin amsa na awa ɗaya ke sa ya ce an tsane shi. Shi sau da yawa lissafin daɗi zai yi masa.

Idan wa'adi ya cika layukan suka rabu biyu, rabi e rabi a'a, kada a ƙara wani watan. A nan aikin littafi ya ƙare, sai a tambaya da baki, ko a tura ƙanwa ko gwaggo ta jiyo.