Hoton majigi ya karkace ko bai cika bango ba: tambayoyi da amsoshi

Ina da gidan kallon ƙwallo. Na ɗora majigi a kan benci, hoton ya fito sama da faɗi, ƙasa a tsuke kamar bokiti. Ya lalace ne?

Lafiyarsa ƙalau, Malam. Hasken majigi yana buɗewa ne gwargwadon nisan da ya yi, kamar na tocila. Bencin ya yi ƙasa, sai ka ɗaga goshin majigin don hoton ya hau zanen da ka kafa. Hasken da ke zuwa saman bango ya yi tafiya mai nisa fiye da na ƙasa, shi ya sa saman ya fi faɗi. Haka abin yake a kwance: idan gefen dama ya fi na hagu tsawo, majigin ya juya fuska zuwa dama. Gefen da ya fi girma shi ne wanda majigin ya karkata fuskarsa zuwa gare shi, ko da yaushe.

Kafin ka taɓa rimot, gyara da hannu. Yawancin majigan tebur suna cilla hoto sama ne da kansu, ƙasan hoton yana faɗawa kusan daidai da tsayin gilashin. Don haka nemi teburin da zai kai gilashin kusa da tsayin ƙasan zanen, ka mayar da ƙafar gaba ciki, majigin ya zauna daram. Sannan ka ɗauko igiya, ka auna daga gilashin zuwa kusurwar zanen ta ƙasa a hagu, ka sake aunawa zuwa ta dama. In awon biyu ya zo ɗaya, kana tsakiya. Saura ka juya fuskarsa a hankali har gefen hagu da na dama su yi tsawo ɗaya.

To ina amfanin Keystone ɗin da nake gani a rimot?

Amfaninsa ya zo ne inda wuri ya ƙi ba da dama, kamar in tebur mai tsawo zai tare wa na baya kallo. A cikin menu za ka ga V-Keystone, na karkatar sama da ƙasa. Wasu majigan suna da H-Keystone na hagu da dama, ƙananan masu araha da yawa kuma ba su da shi. Fara da mayar da lambar zuwa 0, domin sau da yawa gyaran wani wurin ne ya rage a ciki. Daga nan ka riƙa dannawa ɗaya-ɗaya, idonka a kan gefen hoton, har layukan biyu su miƙe tare da gefen zanen. A majigan Epson da yawa akwai Quick Corner, inda kake jan kowace kusurwa daban har ta zauna inda kake so.

Amma ina so ka san abin da kake biya. Kiston ba ya miƙe hasken. Matse hoton yake yi a cikin na'urar, ya tsuke gefen da ya yi faɗi, ya bar ɗigogin da ke bakin a kashe, wato ƙananan ɗigogin haske da ke haɗuwa su ba da hoto. Majigin da ke da ɗigo 1024 a kwance, in ka matse samansa, layin sama ba zai ƙara samun 1024 ɗin ba. A wasan ƙwallo da wuya ido ya lura, amma ƙananan rubutu, kamar sunayen 'yan wasa, za su ɗan dushe. Kashe fitilar ɗakin ka duba: za ka ga wani haske mai toka-toka ya kewaye hoton, da siffar bokitin nan ta farko. Hasken da ka yi asara ke nan. Kiston kuma ba ya gyara fokas, don haka in karkatar ta yi yawa, ka saita tsakiya ya fito tar, sama ko ƙasa ya yi hazo. Takardar majigi da yawa tana cewa yana gyara har digiri 30, amma ni ba na son a wuce 'yan dannawa kaɗan. In majiginka na da Lens Shift, yi amfani da shi tukuna, domin shi gilashin kansa yake gusarwa, ba ya rage komai.

Hoton ya miƙe yanzu, amma ya yi ƙarami a tsakiyar zanen.

Wannan maganar nisa ce. Juya zoben Zoom da ke kan gilashin zuwa ƙarshe, in bai isa ba ka ja majigin baya. A takardarsa akwai lamba mai suna Throw Ratio, wato nisa a raba da faɗin hoto. A ce taka 1.5 ce, zanenka kuma faɗinsa mita 2.4: ka ninka su, mita 3.6 ke nan daga gilashi zuwa bango. In kana mita 2.5, faɗin hoton bai kai mita 1.7 ba, kuma babu maɓallin da zai ƙara shi. Ka tuna dai girma yana cin haske: in ka ninka nisan sau biyu, hasken kowane wuri a bangon zai koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Faɗin ya cika, amma akwai baƙin fili a sama da ƙasa.

Nan ne mutane suka fi wahalar da kansu. Kowane majigi yana da siffar da aka ƙera shi da ita. Mai 800×600 ko 1024×768 siffarsa 4:3 ce, wato faɗi kashi huɗu tsayi kashi uku, mai 1280×800 tasa 16:10, mai 1920×1080 kuma 16:9. Wasannin ƙwallo na yanzu a 16:9 suke zuwa daga dikoda. Mu ce majiginka 4:3 ne, zanenka mita 2.4 a faɗi, 1.8 a tsaye. Hoton wasan zai cika faɗin, amma tsayinsa mita 1.35 ne kawai. Santimita 45 sun rage, rabi sama rabi ƙasa. Wannan baƙin filin alama ce ta cewa komai daidai yake.

Danna Aspect a rimot za ka ga zaɓi, sunayen suna ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Auto ko Normal suna barin hoto da siffarsa. Wanda ke jan hoto ya cika allo, ana yawan kiransa Full, zai miƙar da 'yan wasa su zama dogaye sirara, ƙwallon ta koma kamar ƙwai. Wanda kuma ke ƙara girman hoto har ya cika tsayin, sai ya yanke gefe: a lissafinmu faɗin zai kai mita 3.2, santimita 40 su ɓace a kowane ɓangare, rubu'in hoton ke nan. Akwatin da ke nuna ci da minti a kusurwa yake zama, shi zai fara tafiya, kuma masu kallo ba za su yafe maka ba. Shawarata ka bar shi a 16:9, ka naɗe zanen ko ka zagaye shi da baƙin yadi ya dawo 2.4 da 1.35. Ka leƙa saitin dikodar ma, ka tabbata ita da majigin duk 16:9 suka zaɓa, don kada a matse hoton sau biyu.

Da na haɗa laftof, baƙi ya kewaye hoton ta ko'ina, har gefe huɗu.

Laftof ɗin ne ke aiko da hoton da ya riga ya sa wa baƙin fili, majigin ya ƙara nasa. Yakan faru in an zaɓi Duplicate, inda allo biyu masu siffa daban suke raba girma ɗaya. A Windows, danna maɓallin Windows tare da P, ka zaɓi Extend ko Second screen only. Sai ka shiga Display settings, ka zaɓi allon majigin, ka sa Display resolution a kan ainihin girmansa, misali 1024×768. In PowerPoint kake nunawa, shiga Design, sannan Slide Size, ka zaɓi Standard (4:3) ko Widescreen (16:9), wanda ya dace da majigin. Ka zana da'ira a shafi ɗaya ka haska ta: in ta fito a zagaye, kuma gefen hoton ya bi gefen zanen, sa alli ka yi wa ƙafafun teburin alama a ƙasa.