Shin Hakimi ne ke mulkin gunduma, ko shugaban ƙaramar hukuma?

Mutane da yawa a Arewacin Nijeriya na ɗauka cewa har yanzu Sarki da hakimansa ne ke riƙe da kotu, kurkuku da haraji. Hakan gaskiya ne a zamanin En'e, wato hukumar gargajiya da sarakuna ke jagoranta, amma mulkin soja ya karɓe 'yan doka, kotuna da gidajen yari, sannan gyaran 1976 ya miƙa gudanarwa ga ƙananan hukumomi.

Idan manoma biyu suka yi rikici a kan iyakar gona, mai unguwa, dagaci da hakimi ne ke sulhu, domin su suka san tarihin filin. Amma idan ɗaya ya ƙi amincewa, alƙali kaɗai ke yanke hukuncin da doka za ta tilasta.