Zanen fari da duhu a lungun cikin gida

Zanen fari da duhu dabara ce ta masu fenti da magina, wadda ake jera launi mai haske da mai duhu a bango ko a daɓe domin matsattsen lungu ya yi wa ido faɗi. A Yamai da Tahoua ana kiran irin wannan lungu kulwar, kuma an fi samunsa a gidajen siminti, inda ɗakuna ke fuskantar juna. Dabarar ba ta ƙara ko santimita ɗaya. Abin da take canzawa shi ne yadda ido ke auna tazara.

Asali

Tushen bayanin yana cikin binciken masanan Jamus na ƙarni na 19. Wajajen 1855 Johann Oppel ya lura cewa filin da aka yanka da layuka ya fi filin da ba kome a cikinsa tsawo a ido, ko da awonsu ɗaya. August Kundt ya ƙara bincikar abin a 1863, shi ya sa ake haɗa sunayensu biyu a kan wannan ruɗin ido. A 1867 Hermann von Helmholtz ya nuna murabba'i biyu masu girma ɗaya: wanda aka cika da layuka a kwance ya fi tsayi a ido, wanda aka cika da layuka a tsaye kuwa ya fi faɗi. Wato ɓangaren da aka yayyanka shi ne yake miƙewa a ido. Helmholtz ne kuma ya yi bayanin yadda farin abu a kan baƙi ke fin baƙin abu a kan fari girma. A 2011 Peter Thompson da Kyriaki Mikellidou na Jami'ar York sun gwada layukan a jikin tufafi, suka samu abin da ya yi daidai da maganar Helmholtz.

Yadda ake yi

Wanda ya shiga lungu bangon ƙarshe yake kallo, saboda haka a nan aikin ya fi tasiri. A ɗauki lungu a wani gida a Tahoua mai faɗin mita 1 da santimita 10, tsawon mita 7, tsayin mita 3. Bangon hagu da na dama ana shafa musu fari ko ruwan madara, domin hasken ya riƙa dawowa tsakaninsu. Faɗin fuskarsu murabba'in mita 42 ne idan ba a cire ƙofofi ba, kuma da yake lita ɗaya kan rufe kusan murabba'in mita 10, shafi biyu zai ci lita 8 zuwa 9. Bangon ƙarshe kuwa ana ba shi launi mai duhu, kamar shuɗin baba ko jar ƙasa. Duhun yana tsayar da ido, lungun ya daina kama da rami mai zurfi, kuma idan tsawon ya ragu a ido sai faɗin ya fito. Lita ɗaya ta ishe shi.

Mai son zane maimakon launi guda zai raba bangon ƙarshen kashi goma sha ɗaya a tsaye, kowane santimita 10, shida masu haske da biyar masu duhu, yadda masu hasken za su faɗo a kusurwa biyu su haɗe da bangon gefe. Ana fara shafa mai hasken ko'ina, ya bushe, a fitar da layi da igiya mai nauyi, a manna sikoc na takarda, sannan a shafa mai duhun. Ana cire sikoc ɗin tun fentin bai gama bushewa ba, in ba haka ba bakin layin zai yage.

Saɓani

Masu adon gida da yawa suna cewa layukan daɓe da suka gitta lungu daga bango zuwa bango suna faɗaɗa shi. Bisa ga Oppel da Kundt, irin waɗannan layuka tsawo suke ƙarawa. Maganar ba ta yanke ba.

Inda ake kuskure

A gidajen Nijar an saba shafa wa ƙasan bango fenti mai duhu har kusan ƙugu, saboda ƙurar hunturu da hannun yara. A lungu wannan ɗamara tana tafiya gefe biyu kamar layin dogo, ta ja ido zuwa ƙarshe, wurin ya ƙara tsukewa. Idan ana buƙatarta, gwamma a sauke ta zuwa santimita 15 ko 20, sauran bangon a yi masa fenti mai haske wanda ake iya wankewa.

Lungun da ba ya samun haske ba ya amfana da dabarar, domin a cikin duhu farin bango toka-toka yake komawa. Ana gane haka idan aka tsaya a bakin lungu da rana tsaka, fitila a kashe, aka kasa ganin inda bangon gefe ya haɗu da na ƙarshe. A irin wannan wuri sai an fara sa fitila ko an buɗe taga a saman ƙofa kafin a sayi fenti.