Kwangilar Aikin Kai da Kamfanin Ƙasar Waje: Kuɗin Biya, Haraji da Mallakar Aiki

Kwangilar aikin kai ita ce yarjejeniyar da mutum ke ƙullawa da kamfani a kan wani aiki ƙayyadadde, kamar fassara, zane ko rubuta manhaja, ba tare da ya zama ma'aikacin kamfanin ba. Ba shi da albashi, ba shi da fansho, kuma ba wanda zai cire masa haraji ya kai wa hukuma. Idan kamfanin yana wata ƙasa, dokokin ƙasashe biyu ne ke hawa kan takarda ɗaya. Wannan maƙala ta ɗauki misalin mai fassara da ke zaune a Kano, wanda kamfanin Amurka ya ba aiki.

Kuɗin biya

Kalmar dala kaɗai ba ta wadatar a kwangila, domin Kanada da Ostireliya ma dala suke kashewa. Ana rubuta alamar kuɗin mai haruffa uku: USD, EUR, GBP ko NGN. Kuɗin da aka rubuta shi ne ke nuna wanda zai ɗauki asara idan canji ya motsa. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Bayan Babban Bankin Najeriya ya saki farashin, ta haura 700 cikin kwanaki, kuma a farkon 2024 ta wuce 1,500. Wanda ya amince a rubuta masa ladan dala 1,000 a matsayin naira 460,000, aka kuma ja masa biya zuwa wannan lokaci, abin da ya karɓa bai kai sulusin darajar farko ba. Mazaunin Nijar ba ya fuskantar wannan idan yuro aka rubuta, saboda tun 1999 an ɗaure sefa da yuro a kan 655.957.

Sai kamashon banki. A turin kuɗi ta SWIFT, tsarin da bankuna ke aika kuɗi da shi tsakanin ƙasashe, mai aikawa yana zaɓen ɗaya daga cikin uku: OUR, ya biya duk caji, SHA, a raba, BEN, mai karɓa ya ɗauka. A SHA da BEN, bankunan da kuɗin ke ratsawa a hanya suna yankar nasu, shi ya sa dala 1,000 kan iso asusun dala da giɓi. Gyaransa jimla ɗaya ce a kwangila: adadin da aka rubuta shi ne zai shiga asusun mai aiki. Wa'adin biya kuma a faɗi daga ina ake ƙirga shi, daga ranar miƙa takardar neman biya ko daga ranar amincewa da aiki, domin na biyun a hannun kamfani yake.

Haraji

A dokar Amurka, ladan aiki yana bin wurin da aka yi aikin ne, ba wurin da aka biya shi ba. Fassarar da aka yi a Kano kuɗin shiga ne na waje, don haka ba a cire mata kashi 30 cikin ɗari da ake yankewa baƙi. Kamfanin zai nemi a cike fom ɗin W-8BEN don shaida cewa mai aikin ba ɗan Amurka ba ne. Fom ɗin yana aiki har ƙarshen shekara ta uku bayan shekarar sa hannu. Amma idan biyan kason amfani ne da aikin a cikin Amurka, kamar kaso daga cinikin littafi, ana yanke kashi 30 ɗin cur, saboda babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka. Da Birtaniya, Faransa da Kanada akwai.

A gida, mazaunin Najeriya yana biyan haraji a kan abin da ya samu ko daga ina ne, ga hukumar tara haraji ta jihar da yake zaune. Dokar Haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta yafe naira 800,000 na farko, ta sa kashi 15 a kan miliyan 2.2 da ke biye, sannan kashi 18 a kan miliyan 9 na gaba, har zuwa kashi 25 a can sama. Idan abin da ya rage wa mai fassarar a shekara, bayan cire kuɗin data, wuta da sauran ɗawainiyar aiki, miliyan 6 ne, zai biya 330,000 a mataki na biyu da 540,000 a kan ragowar miliyan 3, jimla 870,000. Tun da ba mai cire masa, shi zai riƙa warewa, ya kuma adana rasit.

Mallakar aiki

Nan ne aka fi yin kuskure, domin mutane da yawa na ɗauka cewa wanda ya biya shi ke da aiki. Asalin doka akasin haka ne. Tun dokar Birtaniya ta 1710, wadda galibi ake ɗauka ta farko a fannin haƙƙin mallaka, marubuci aka ba haƙƙi, ba mai buga littafi ba. Yarjejeniyar Bern ta 1886 ta sa ƙasashe su kare ayyukan 'yan ƙasashen juna ba tare da rajista ba. Amurka ta shige ta a 1989, Najeriya a 1993. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988, tana buƙatar a rubuta duk wani miƙa haƙƙi, kamar yadda dokar Birtaniya ta 1988 ta tanada.

Amurka tana da nata tsari. Sashe na 101 na dokarta ta 1976 ya ba da damar a ɗauki kamfani a matsayin marubucin aiki tun daga tushe, idan ma'aikacinsa ne ya yi shi. A 1989 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar wata ƙungiyar tallafa wa marasa matsuguni da masassaƙin da ta ba aikin wani mutum-mutumi, ta yanke cewa ɗan kwangila ba ma'aikaci ba ne don kawai an ba shi umarni an biya shi. Ga ɗan kwangila, ba a ɗaukar kamfani marubuci sai an cika sharuɗɗa biyu: rubutacciyar yarjejeniya da ɓangarorin biyu suka sa wa hannu, kuma aikin ya faɗa cikin rukunai tara da doka ta lissafa. Fassara tana cikinsu, don haka mai fassarar Kano na iya rasa matsayinsa na marubuci gaba ɗaya. Bambancin ba ƙarami ba ne: wanda ya miƙa haƙƙinsa kawai yana iya karɓe shi bayan shekara 35 a ƙarƙashin sashe na 203, wanda aka ɗauki kamfani marubucin aikinsa kuwa ba shi da wannan dama. Ana saɓani kan ko manhaja ta shiga rukunan, shi ya sa lauyoyi kan haɗa sharaɗin da na miƙa haƙƙi.

A Jamus ba a sayar da haƙƙin kansa, izinin amfani kawai ake bayarwa. A Faransa haƙƙin a ambaci sunan mai aiki ba ya sayuwa.

Abin da ya fi kare mai aiki shi ne lokacin da mallaka ke sauya hannu. Kwangiloli da yawa na cewa aiki ya zama na kamfani da zarar an ƙirƙire shi. Gwamma a rubuta cewa sai an kammala biya, domin kai ƙara wata ƙasa a kan dala 1,000 ya fi bashin tsada, alhali kamfani ba ya son amfani da abin da bai mallaka ba. Haka kuma a lissafa kayan da mai aiki ya zo da su, kamar kundin kalmomin da ya tara shekara da shekaru, a ba kamfani lasisin amfani da su a wannan aiki kaɗai, a kuma rubuta ko yana da izinin nuna aikin ga wasu masu neman a yi musu irinsa.