Lissafin maki a wasan Sikirabul

Sikirabul wasan haɗa kalmomi ne da ake yi a kan allo mai gidaje 225, wato 15 a tsaye 15 a kwance. A Garwa da Marwa da Njamena yawanci na Faransanci ake bugawa, mai ƙwayoyi 102, saɓanin na Turanci mai 100, kuma darajar haruffan ba ɗaya ba ce, shi ya sa wanda ya saba da na Najeriya in ya zauna a nan sai lissafi ya ruɗe masa. A na Faransanci haruffa irin su A, E, I, N, R, S maki 1 ne, D, G, M maki 2, J da Q maki 8, su kuwa K, W, X, Y, Z kowanne maki 10. Joka, ƙwayar nan da ba rubutu, sifiri ce.

Gidajen ninki iri huɗu ne. Shuɗi mai haske yana ninka harafi sau biyu, shuɗi mai duhu sau uku, mai ruwan hoda yana ninka kalma gaba ɗaya sau biyu (tauraron tsakiya ma cikinsu yake), ja kuma sau uku, su jajayen guda 8 ne kawai a bakin allo. Ana fara ninka harafi tukuna, a tara, sannan a ninka kalma. Gida sau ɗaya yake aiki, lokacin da aka ɗora masa ƙwaya, bayan nan ya mutu, kuma a nan ne gardama ta fi tashi a majalisar shayi, sai ka ga mutum ya ɗaga tsohuwar ƙwaya yana leƙa launin ƙasanta wai zai sake ninkawa. Wanda ya sauke ƙwayoyinsa 7 a tashi ɗaya yana da ƙarin 50, amma bayan an gama ninki ake sa su, ba a ninka su.

Ƙugiya ita ce harafi ɗaya da za ka maƙala a gaba ko bayan kalmar da ke allo ta koma wata kalma. RAME tana karɓar D ta zama DRAME, ko T ta zama TRAME, ta baya kuma S, R ko Z. Ribar ita ce ka ci makin tsohuwar kalmar duka, ka kuma ci na taka da ta ratso.

Ana kiran gida da harafin layinsa na kwance, A zuwa O daga sama, da lambar layinsa na tsaye, 1 zuwa 15 daga hagu. A ce mai farawa ya sa RAME a layin tsakiya, R a kan tauraro, wato H8 zuwa H11. Makinsa 1+1+2+1, biyar ke nan, tauraro ya ninka ya zama 10. To gidan H12 da ke biye da E shuɗi ne mai haske. Na biyu in yana da NEZ ya sauko da ita a tsaye Z ta faɗa H12, Z ɗin ta zama 20 kuma ta kowane ɓangare ake ƙirga ta: NEZ 22, RAMEZ 25, jimla 47. Amma in ASSEZ ce a hannunsa abin ya fi haka, don A ɗin farko za ta hau D12 mai ruwan hoda, sai ya zama 1+1+1+1+20, 24, a ninka 48, a ɗora RAMEZ 25, ya tashi da 73. Lura, RAMEZ ba ta ninku ba, tauraro ya riga ya ci nasa, D12 kuma ba a layinta yake ba. Masu koyo da yawa nan suke ninka duka biyun su rubuta 98.

Kalmomi masu harafi biyu su ne ke sa a iya jera kalma a gefen wata, kowace ƙwaya da ta taɓa maƙwabciyarta dole su ba da kalmar da ƙamus ya yarda da ita, ƙamus ɗin shi ne ODS na Larus. Waɗanda suka fi kawo riba su ne masu ɗauke da manyan haruffa: KA, WU, XI, EX, AY. Ba sai ka san ma'anarsu ba, haddacewa ake yi. X ɗaya tak a gida mai ninka harafi sau uku, E a hagunta I a ƙasanta, ta ba da EX 31 da XI 31, maki 62 da ƙwaya guda, fiye da abin da doguwar kalma mai kyan gani ke kawowa sau tari.

Shi ma mai farawan nan yana da laifi a 73 ɗin da aka ci shi. Da ya ja RAME baya ta fara daga H5, E ta ƙare a kan tauraro, 10 ɗinsa na nan ba ragi, Z kuma sai ta faɗa H9 wanda gida ne fari. ASSEZ ɗin a nan E ɗinta kawai za ta samu ninki a G9, ta ba da 15, RAMEZ ma 15, duka 30.