Neman iyafis mara igiya da ya ɓata ta hanyar waya

Iyafis mara igiya ƙananan na'urorin sauraro ne guda biyu, na kunnen dama da na hagu, da ke haɗuwa da waya ta bulutut, ana kuma adana su cikin wani ɗan akwati da ke yi musu caji. Saboda ƙanƙantarsu, kuma babu igiyar da ta ɗaure ɗaya da ɗaya, ɓacewarsu ba ta da wuya. Manyan kamfanonin waya sun tanadi manhajojin nemo su: Find My a wayoyin Apple, Find Hub a wayoyin Android, wadda kafin 2025 ake kira Find My Device, sai kuma SmartThings Find da Samsung ya fito da ita a 2020. Dukkansu abu uku suke yi, wato nuna wuri a taswira, da sa iyafis ya yi ƙara, da kuma, a wasu samfura, jagorantar mai nema idan ya zo kusa.

Abin da ɗigon taswira yake nufi

Iyafis ba shi da GPS, ba shi da layin waya, ba ya kuma hawa intanet da kansa. Bai san inda yake ba, kuma ba shi da hanyar sanar da kowa daga nesa. Abin da kawai yake iya yi shi ne fitar da siginar bulutut, wadda a aikace ba ta cika wuce mita goma ba, ta ma fi haka gajarta idan akwai bango ko jikin mutum a tsakani. Don haka ɗigon da ake gani a taswira wurin da wata waya take ne a lokacin da ta ji siginar iyafis ɗin na ƙarshe. A tsofaffin samfura da masu sauƙin ƙira, wannan wayar ita ce ta mai iyafis ɗin kaɗai.

Nan ne yawancin masu nema suke ruɗewa. Mutum ya ga ɗigo a kan wani titi, sai ya ɗauka kayansa na nan kwance a wurin a yanzu, alhali manhajar tana gaya masa ne cewa a nan alaƙa ta yanke. Alaƙa kuwa tana yankewa saboda dalilai uku mabambanta: ko wayar ta yi nisa da iyafis ɗin, ko batirinsa ya ƙare, ko an mayar da shi akwatinsa an rufe. Duk ukun ɗigo iri ɗaya suke bari. Abin da ke taimakawa wajen bambance su shi ne lokacin da aka rubuta a ƙarƙashin sunan na'urar, kuma sau da yawa wannan lokacin ya fi ɗigon kansa amfani.

Ga misali. Wata ma'aikaciya tana da AirPods, wato iyafis ɗin Apple, ƙarni na biyu, samfurin 2019. Ta tashi daga aiki da ƙarfe 5:10 na yamma, ta hau motar haya, ta sauya wata a hanya, ta isa gida da ƙarfe 6:00. Da ƙarfe 8:00 na dare ta buɗe akwatin, sai ta tarar da na dama kaɗai. A irin wannan samfuri, idan biyun suka rabu, taswira ɗaya take nunawa a lokaci guda, don haka ta bar na daman a cikin akwati ta sabunta taswirar, sai wurin na hagun ya fito: a kan hanyarta ta komawa gida, da ƙarfe 5:42.

Tambayar farko ita ce me take yi da ƙarfe 5:42. Idan a daidai lokacin ta sauka daga motar farko, to akwai fassara biyu, kuma taswira ba za ta raba mata gardama ba. Wataƙila ya faɗi a bakin titi tana sauka. Wataƙila kuma a kan kujerar motar ya faɗi, motar ta tafi da shi, alaƙar ta yanke bayan ta yi nisan mita goma ko ashirin, ɗigon ya tsaya a tasha, iyafis ɗin kuma yana can yana zagaye gari. Amma idan ɗigon ya faɗo a tsakiyar hanya, inda ba ta sauka ba, ba ta ko buɗe taga ba, sai a koma ga batir. Wannan samfuri yana ɗaukar kimanin awa biyar na sauraro a caji ɗaya. Ita kuwa tun bayan tsakar rana take amfani da shi, ta kuma tuna ta ji sautin gargaɗin ƙarewar caji kafin ta cire shi ta jefa a jaka. To bai faɗi ko'ina ba, cajinsa ne ya ƙare a cikin jakar da ƙarfe 5:42, ya kuma biyo ta har gida shiru. Inda ya kamata ta duba shi ne kusurwoyin jakarta da aljihun rigarta, kuma da hannu za ta laluba, domin iyafis da batirinsa ya ƙare ba ya amsa kowane umarni.

Sa shi ƙara

Apple ya ƙara neman AirPods a manhajarsa a watan Maris na 2017, da fitowar iOS 10.3, kuma har yau maɓallin Play Sound, mai sa iyafis ƙara, yana dawo wa mutane da kayansu, musamman idan ɓatan a cikin ɗaki ne ko cikin mota. Sautin yana farawa a hankali, yana ƙaruwa, yana ɗaukar kimanin minti biyu, ana kuma iya kashe na ɓangare ɗaya don a ji ɗayan sosai. Sharaɗinsa shi ne iyafis ɗin ya kasance da caji, yana kuma cikin zangon bulutut na wayar.

Sai dai lasifikar iyafis an yi ta ne don ta yi magana a cikin ramin kunne. Idan ya shige tsakanin matashin kujera ko cikin bargo, ƙarar kan koma kamar kukan ƙaramin ƙwaro. Sai an kashe fanka da talabijin, an tsaya cik, an saurara, sannan a matsa taku biyu a sake saurare. Ya kamata kuma a tabbatar ɗayan ba ya kunnen kowa kafin a danna, saboda ƙarar da ke da rauni a ɗaki tana da ƙarfin cutarwa a cikin kunne.

Akwatin shi ne babbar matsala. Da zarar an sa iyafis a ciki an rufe, yakan yanke alaƙa da waya ya shiga caji, kuma a yawancin samfura akwatin ba shi da lasifika. Wanda ya ɓatar da akwati da iyafis biyun a ciki, ko da yana ƙarƙashin gadonsa, ba zai ji komai ba. Apple bai magance wannan ba sai a 2022, da AirPods Pro ƙarni na biyu, wanda aka sa wa akwatinsa lasifika.

Taimakon wayoyin wasu

Wasu sababbin samfura ba su dogara da wayar mai su kaɗai ba. Suna ci gaba da fitar da wata 'yar sigina mai cin batir kaɗan, duk wayar da ke cikin tsarin ta gifta kusa sai ta ji, ta haɗa da wurin da take, ta kulle bayanin, ta aika ba tare da mai wayar ya sani ba. Mai iyafis ne kaɗai ke da mabuɗin buɗe wannan bayani, lambar da siginar ke ɗauke da ita kuma tana sauyawa lokaci zuwa lokaci don kada wani ya riƙa bin sawunta. Apple ya kafa wannan tsari a 2019, ya shigar da AirPods Pro da AirPods Max da AirPods ƙarni na uku a 2021. Ƙarni na ɗaya da na biyu ba sa ciki. Google ya buɗe nasa a watan Afrilun 2024.

Da ma'aikaciyar nan irin wannan samfurin gare ta, da taswira ta raba mata gardamar tasha da mota: idan a mota yake, ɗigon zai riƙa tsalle daga wuri zuwa wuri duk lokacin da fasinja mai irin wayar ya shiga, idan kuma a bakin titi yake, zai tsaya wuri ɗaya lokacinsa na sabuntawa.

Tsarin yana da iyaka bayyananniya. Na Apple na'urorin Apple ne ke ba shi rahoto, na Samsung kuma wayoyin Galaxy, don haka ƙarfinsa ya danganta da yawan masu irin wayar a inda abin ya faɗi. A filin jirgin sama rahoto kan zo cikin mintuna, a hanyar daji kuwa ana iya kwana da wuni babu ko ɗaya. Tsarin Google ya fito da wani ƙarin sharaɗi a saitinsa na asali: ba ya nuna wuri sai wayoyi fiye da ɗaya sun ji abin, domin kare mutane daga masu bin sawu. Wannan kariya ce mai ma'ana, amma tana rage amfaninsa a wurin da ba jama'a. Kuma iyafis da ya rabu da akwatinsa batirinsa ƙarami ne, yana ƙarewa siginar ta ɗauke.

Idan an zo kusa

Taswira kan kai mutum ƙofar gini ne kawai. A cikin gini GPS na wayar da ta ba da rahoto yana rauni, kuskuren kan kai gomman mitoci, kuma ɗigo ba ya faɗin hawa na nawa. Daga nan wasu manhajoji kan auna ƙarfin siginar bulutut su ce an matso ko an yi nisa. Wannan ƙiyasi ne mai yawan kuskure, tunda sigina tana dukan bango ta dawo, jikin mai neman ma yana tare ta, har juyawa kawai kan sauya sakamako. Wanda ya fi wannan inganci shi ne irin na akwatin AirPods Pro ƙarni na biyu, mai ɗauke da wani guntun lantarki da ake kira U1, wanda ke auna lokacin da sigina ta ɗauka tsakanin waya da akwati, ya nuna kibiya da nisa. Yana buƙatar waya mai irin wannan guntu, wanda ya fara zuwa a iPhone 11, kuma akwatin yake nunawa, ba ƙwayar iyafis da ta faɗi ita kaɗai ba.

Abin da manhajar ba ta yi

Ba ta aiki a kan iyafis da ba a haɗa da asusun mai shi ba tun kafin ya ɓata, haka ma idan an kashe sabis ɗin wuri a wayar, ba za a sami ɗigon ƙarshe ba. Wannan ba ya gyaruwa bayan ɓata. Iyafis na kamfanoni da dama ba sa cikin kowane tsari na neman taimakon wasu wayoyi, abin da manhajarsu ke bayarwa bai wuce ƙara da wurin ƙarshe ba.

Ba ta kuma kulle iyafis yadda ake kulle waya. A samfuran Apple da ke da wannan dama, sanya shi a matsayin ɓatacce yana sa wanda ya tsinta ya ga saƙo da lambar tuntuɓa idan ya kawo shi kusa da iPhone, amma ba ya hana shi sauraro da shi a matsayin iyafis na bulutut. Idan ɗigo ya tsaya a kan gidan wani, bai zama hujjar sata ba, domin yana iya zama gidan maƙwabci ko wani hawa na ginin, kuma zuwa ƙwanƙwasa ƙofa a kan ƙiyasi irin wannan haɗari ne. Abin da ya dace shi ne a ɗauki hoton allon mai nuna wuri da lokaci, a haɗa da lambar na'urar da ke jikin kwalinta, a kai wa hukuma ko ofishin ajiye kayan tsintuwa na wurin. Kada kuma a cire iyafis ɗin daga asusu muddin ana sa ran samunsa, domin cire shi yana ɗauke shi daga taswira gaba ɗaya, ya kuma ba wanda ke riƙe da shi damar haɗa shi da nasa asusun.