Ruwan da ke cikin tukunyar shisha: abin da yake tarewa da abin da yake bari ya wuce

Maganar da ta fi yawa a bakin masu shan shisha ita ce "ai ruwa ya wanke hayaƙin". Maganar ba ta yau ba ce. Ana danganta ta da wani likita mai suna Hakim Abul Fath, wanda ya yi zamani a Indiya a ƙarni na 16, lokacin Sarki Akbar. Shi ne aka ce ya ba da shawarar a riƙa bi da hayaƙin taba ta cikin ruwa domin a kashe masa dafi. Niyyarsa mai kyau ce, sai dai a zamaninsa babu na'urar da za a auna abin da ke fitowa ta bakin tiyo. Yanzu akwai, an kuma auna, kuma abin da aka gani bai goyi bayan wannan magana ba.

Bari mu bi hayaƙin daga inda ya taso. A can saman tukunya akwai ɗan kasko da ake cusa wa tabar shisha, abin da bai wuce giram 10 zuwa 20 ba. Tabar nan jiƙaƙƙiya ce: ganyen taba ne aka kwaɓa da maɗi ko zuma, da gilisarin, da kayan ƙamshi. Da yake a jiƙe take, ba za ta ci wuta da kanta ba, shi ya sa ake rufe kaskon da takardar alminiyam mai ƙananan huji a ɗora garwashin gawayi a kai. Idan mutum ya zuƙi tiyo, iska takan fara ratsa garwashin, ta bi ta hujin, ta dafa tabar, ta gangara ta doguwar sandar tsakiya wadda bakinta ya nutse kaɗan a ruwa. Daga nan sai ta taso a matsayin kumfa, ta taru a sararin da ke saman ruwan, ta bi tiyo zuwa ƙirji. A lura da wannan jeri da kyau: kowace zuƙa, kafin ta taɓa taba, ta riga ta ɗauko hayaƙin gawayi.

To, me ruwan yake yi? A tsura wa kwalbar ido lokacin da wani yake zuƙa. Hayaƙin ba ya narkewa a ruwan, a dunƙule yake tasowa cikin manyan kumfa, kowace tana fashewa a sama kafin ƙiftawar ido. Fatar kumfar ce kawai take haɗuwa da ruwa. Duk abin da ke tsakiyarta yana wucewa a bushe, kamar yadda ya shigo. Tafiyar ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba, lokacin kuma bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Ko da ruwa zai iya kama komai, ba a ba shi damar yi ba.

Kuma ba komai yake iya kamawa ba. Iskar kabon monoksaid, wadda ita ce gubar gawayi, da ƙyar take narkewa a ruwa, saboda haka kusan dukkanta take ƙetarewa. Kwaltar hayaƙi, wato wannan danƙo mai ɗauke da sinadaran da ke haddasa ciwon daji, tana tafiya ne cikin ƙwayoyi ƙanana ainun da ke shawagi a cikin kumfar, yawancinsu ba sa ko taɓa ruwan. Nikotin ne ake iya cewa ruwan yana rage wani ɓangarensa, domin shi yana narkewa. Amma abin da ya tsira ya isa ya kama mutum, kuma mai neman nikotin idan bai ji ya ƙoshi ba, ƙara zuƙa yake yi, ya tsawaita zama, ya kwashi ƙarin sauran gubobin. Wasu sukan nuna ruwan da ya sauya launi bayan an gama su ce ga dattin nan duk ya tsaya. Wannan launi shaida ce ta ɗan abin da ya tsaya, bai faɗi komai a kan wanda ya wuce ba.

Aikin da ruwan yake yi da gaske shi ne sanyaya hayaƙin da ba shi laima, kuma a nan matsalar take. Hayaƙin sigari yana da zafi da kaifi, yana ƙona maƙogwaro, yana sa tari, don haka jiki da kansa yake taka wa mai sha birki. Hayaƙin shisha ya zo da sanyi da zaƙi da ƙamshin tuffa ko na'ana'a, maƙogwaro bai yi ƙorafi ba, sai mutum ya buɗe ƙirji ya ja har ƙasan huhu. Zuba ƙanƙara a kwalbar, ko madara, ko ruwan 'ya'yan itace, ba ya ƙara tacewa ko kaɗan. Birkin ne kawai ake ƙara kwancewa.

Yanzu ga lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a bayanin da ta fitar kan shisha a shekarar 2005, ta ce mai shan karan sigari ɗaya yakan yi zuƙa 8 zuwa 12 cikin minti 5 zuwa 7, jimillar hayaƙin kuma kusan rabin lita. Mai shisha kuwa yakan zauna minti 20 zuwa 80, ya yi zuƙa 50 zuwa 200, kowace zuƙa tana iya kaiwa lita guda. Ma'ana, zuƙa ɗaya mai zurfi ta shisha tana iya kai yawan hayaƙin karan sigari sukutum.

Masu bincike a Jami'ar Amurka da ke Beirut sun auna yadda mutane ke sha a wuraren shan shisha, suka fitar da ma'aunin zama ɗaya da har yau ake gwaji da shi: zuƙa 171, kowace mililita 530, da hutun daƙiƙa 17 a tsakani, abin da ke ɗaukar kusan awa guda. A ninka 171 da 530, za a samu mililita dubu 90 da ɗoriya, wato lita 90. Jarka huɗu da rabi ke nan mai cin lita 20, cike da hayaƙi, ta bi ta huhun mutum ɗaya a zama ɗaya. Wani zai ce ai ba shi kaɗai yake sha ba, su uku ne a kan tukunya. To, a raba uku: lita 30 kowa, wato ninki 50 zuwa 60 na hayaƙin kara ɗaya. Wannan kuma idan an tsaya a kasko ɗaya ne. A zahiri, idan jama'a suka yi yawa zaman yakan yi tsawo, a sake cika kasko, a sake ɗora gawayi, kuma wanda tiyo ba ya hannunsa yana shaƙar abin da ke tashi daga garwashin da wanda abokansa ke fesarwa.

A nan akwai gyaran da ya kamata mu masu wayar da kai mu yi wa kanmu. Ana yawan cewa zama ɗaya na shisha daidai yake da shan sigari 100. Wannan gaskiya ne a yawan hayaƙi, amma ba haka yake a kowace guba ba, domin hayaƙin shisha a gauraye yake da iska da tururi. Idan muka zuzuta, matashin da ya san kansa zai watsar da maganar gaba ɗaya. Ainihin alƙaluman sun wadatar. Wani nazari da masu bincike na Jami'ar Pittsburgh suka fitar a 2016, wanda ya tattara sakamakon bincike 17, ya nuna cewa idan aka kwatanta zama ɗaya da karan sigari ɗaya, hayaƙin ya ninka kusan sau 125, kwalta sau 25, kabon monoksaid sau 10, nikotin sau biyu da rabi. Kwalta ta kara 25 ta haura kwalin sigari guda mai kara 20.

Kabon monoksaid ce ya kamata a fi tsayawa a kanta, domin ita ba ta jiran shekaru kafin ta nuna kanta. Wani binciken da aka yi a jami'ar ta Beirut ya gano cewa kusan kashi 90 cikin 100 na wannan iska daga gawayin take fitowa, ba daga tabar ba. Wannan ya rushe wata maganar da ake yi, cewa "tawa ba taba a ciki, fulebo ne kawai". Haɗin da babu ganyen taba yana raba mutum da nikotin, amma da aka auna hayaƙinsa an tarar kabon monoksaid da kwalta suna nan kamar na mai taba, tunda gawayin ɗaya ne, maɗin da ake dafawa ma ɗaya ne. Haka nan rubutun da ke jikin wasu kwalaye cewa kwalta sifili ce: ganyen da ke cikin kwali ba shi da kwalta, sai an ɗora masa wuta take samuwa. Gawayin ɓawon kwakwa da ake yabo shi ma gawayi ne, yana fitar da wannan iska.

Ba ta da launi, ba ta da wari. Idan ta shiga jini takan maƙale wa sinadarin da ke dakon iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, riƙonta kuma ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200. Jini yana zagayawa, amma dakon da yake kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya ya ragu. Abin da mai sha yake kira "ta hau kaina", wato jiri da nauyin kai da ke zuwa a tsakiyar zama, sau da yawa alamar farko ce ta wannan guba. Daga nan sai ciwon kai mai sara a goshi, tashin zuciya, bugun zuciya da sauri, kasala a gwiwa. Wasu da sun miƙe tsaye sai su yanke jiki su faɗi. Haɗarin ya fi yawa a rufaffen ɗaki ko cikin mota, da inda ake hura gawayin a cikin ɗakin, da kuma idan an jera kasko biyu ko uku. Mai juna biyu, da mai ciwon zuciya, da mai asma, da mai ƙarancin jini, da ƙaramin yaro, ba sai sun taɓa tiyo ba, zama a wurin kaɗai ya isa ya cutar da su.

Idan wani ya fara nuna waɗannan alamu, a fitar da shi waje inda iska ke kaɗawa nan take, a fitar da garwashin, a buɗe tagogi, sauran mutane ma su fita. Kada a ce ya shiga ɗaki ya kwanta barci zai wartsake. Wanda ya suma, ko ya rikice, ko yake amai, ko ƙirjinsa ke ciwo, asibiti za a kai shi ko da ya farfaɗo, a kwantar da shi ta gefe a hanya idan ba ya cikin hayyacinsa. A faɗa wa ma'aikatan lafiya ƙarara cewa shisha ya sha, da tsawon zaman, domin kunya a nan tana ɓata lokaci. Dalili kuwa, 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ba ta bambance jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda ke ɗauke da gubar, tana iya nuna oksijin kashi 98 cikin 100 alhali mutum yana cikin haɗari. Gwajin jini na musamman ne ke tabbatarwa. Maganin shi ne oksijin zalla ta abin rufe hanci da baki: a iskar ɗaki, jiki yakan ɗauki awa huɗu zuwa biyar kafin ya fitar da rabin gubar, da oksijin kuwa lokacin yakan sauko zuwa awa ɗaya da 'yan mintoci. Wanda aka sallama ya koma asibiti idan a makonnin da suka biyo baya ya ga mantuwa, ko ciwon kai da ya ƙi tafiya, ko tangaɗi wajen tafiya, domin illar wannan guba ga ƙwaƙwalwa takan iya ɓulla daga baya.